Manyan Baki da Manyan Baƙi: Yadda Ake Farautar Kuskuren da Ido Ke Tsallakewa



Yau zan fara da tona wa kaina asiri. Shekarun baya wata makaranta a nan cikin garin Jos ta ba ni aikin duba ɗan littafin bikin yaye ɗalibanta kafin a kai maɗaba'a. Shafi 24 ne, za a buga kwafi 500. Na karanta shi sau uku, na ce ba sauran gyara. Ranar biki ina zaune a layi na biyu, sai wani dattijo da ke kusa da ni ya buɗe shafi na uku, ya nuna mini kanun da aka rubuta da manyan haruffa, ya ce, “Malam, ashe yau mu ne masu manyan baki?” Inda ya kamata a rubuta Manyan Baƙi, an rubuta Manyan Baki. Ƙasan wannan kanu kuwa sunayen hakimai ne da malamai da shugabannin unguwa. Wannan an yi dariya ya wuce. Wanda bai wuce ba shi ne na shafi na 11. Ɗalibai 83 aka yaye, sunaye 82 aka buga. Wata uwa ta bi jerin da yatsa har ƙasa, ta dawo sama ta sake bi, ba ta ga sunan 'yarta ba.

Ba rashin karatu ne ya jawo ba, don sau uku na karanta. Matsalar ita ce sau ukun nan duk karatu iri ɗaya na yi, irin wanda ake yi wa jarida a teburin mai shayi. Shi kuwa wannan karatu ba ya kama kuskure, kuma akwai dalili.

Muna zaton ido yana bin layi ne kamar yadda tururuwa ke bin hanya, harafi bayan harafi. Ba haka ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1870 wani likitan ido a birnin Faris, Émile Javal, ya bayyana cewa ido tsalle yake yi in ana karatu. Ya dira nan, ya tsaya kamar rubu'in sakan, ya sake tsalle ya wuce haruffa bakwai ko takwas, ya sake dira. Abin da ke tsakanin dira da dira ƙwaƙwalwa ce ke cikewa da abin da take tsammani. Masu binciken da suka zo daga baya, waɗanda suka auna motsin idon masu karanta Turanci, sun ga cewa kalmomin da ido ya fi tsallakewa su ne gajeru, masu harafi biyu ko uku, da kuma waɗanda mai karatu ya riga ya san za su zo.

To ku dubi Hausa. Kusan duk nauyin jimlarmu a kan gajerun kalmomi yake: da, na, ta, ya, ba, su, a, za. Su ne ke faɗa maka wa ya yi, yaushe ya yi, ya yi ko bai yi ba. Sa'an nan bambancin wasu kalmomin namu bai wuce 'yar lanƙwasa a kan harafi ba, wadda girmanta bai kai ƙwayar acca ba. Ke nan wuraren da ido ya fi raina wa hankali, nan ne Hausa ta ajiye ma'anarta. In kuma kai ka rubuta abin, ko ka karanta shi har ka haddace, lamarin ya ƙara muni, domin abin da ke cikin kanka kake karantawa, takardar riƙe ta kawai ka yi.

Bayan wancan abin kunya na sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta. Duk kuskuren da ya tsere mini har aka buga shi, ko wanda na kama da ƙyar a minti na ƙarshe, sai in rubuta shi a ciki: mene ne kuskuren, a wane irin wuri ya ɓuya, me ya sa ban gan shi ba. Da aka yi 'yan watanni sai na ga ashe ba su da yawan iri. Su ne dai suke komowa, suna sauya riga. Daga wannan littafi na fitar da jerin abubuwan da nake dubawa a karon ƙarshe. Shi ya sa in wani ya ce in ba shi jerina ya kwafa, nakan ba shi, amma nakan ce masa rabinsa ne kawai zai yi masa amfani. Mai fassara a coci, da sakataren ƙungiyar direbobi a Bauchi Road, da ɗalibar Jami'ar Jos mai rubuta kundin kammala karatu, kowa da ramin da yake faɗawa.

Ƙa'idar jerin guda ɗaya ce: kowane layi a cikinsa zagaye ne na kansa. Ba a neman abu biyu a zagaye ɗaya. Wannan ma ba sabuwar dabara ba ce a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin rubuce-rubucen hannu, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ko ya zauna kusa da alaramma mai rubuta Alƙur'ani, ya san ba a haɗa baƙi da wasali a lokaci guda. Sai an gama baƙaƙe da baƙar tawada, a dawo a bi da wasulla da jar tawada, a sake dawowa don sauran alamomi. Hannu ɗaya, takarda ɗaya, amma kowane zagaye da abin da ido ke nema.

Bari in ɗauki aiki irin wancan, ɗan littafin biki mai shafi 24, mu bi shi tare.

Kafin komai, a fitar da shi a takarda. Kada a yi dubawar ƙarshe a fuskar waya. Kuma a tabbata abin da aka fitar shi ne wanda mai tsara shafi ya gama tsarawa, ba wanda kai ka buga a gida ka tura masa ba. Tsakanin kwamfutarka da tasa abubuwa na faruwa. Yawancin masu tsara shafi a shagunan ɗab'inmu da `CorelDRAW` suke aiki, kuma ba kowane salon harafi ne ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba. In salon ba shi da su, sai ka ga ɗan akwati a madadin harafin, ko ka ga harafin ya fito da wani zubi dabam kamar baƙo a cikin dangi. Wani lokaci kuma yaron shago, don ya huta, sai ya goge akwatin ya sa k ko d kawai. Daga baya na gano ta nan Manyan Baƙina suka zama masu baki. A rubutun da na tura lanƙwasar na nan. Salon harafin ado da aka zaɓa don kanu ne ba shi da babban Ƙ. Saboda haka ka ce a ba ka `PDF` na ƙarshe, ko kwafin gwaji a takarda, shi za ka duba.

Zagaye na farko a jerina na lanƙwasa ne, kuma a nan nake daɗewa. Tun shekarun 1930 aka shigo da waɗannan haruffa cikin rubutun boko, zamanin aikin Rupert East a Zariya, amma har gobe su ne suka fi ba mu wahala. Abin da ya sa suke da haɗari shi ne in lanƙwasa ta faɗi, sau da yawa abin da ya rage kalma ce sahihiya. Ƙasa ta zama kasa. Ƙafa ta zama kafa. Ɓata ya zama bata. Ƙarya ta zama karya, wadda in ka jingina wa mutum a takarda sai an kai ga sulhu. An ƙare taro ya koma an kare taro. Ba abin da zai tsaya wa ido a maƙogwaro, domin kowace kalma tana da gidanta a Hausa.

A nan kwamfuta na da amfani, in an san iyakarta. Ina da jerin kalmomi wajen talatin da na san ana yawan zubar musu da lanƙwasa: kasa, kara, kare, karfe, kungiya, karshe, daya, dan, dalibi, daki, dauka, bata, baki da sauransu. Sai in danna `Ctrl+F`, in rubuta kowace ba tare da lanƙwasa ba, in bi duk inda ta fito ɗaya bayan ɗaya, in tambayi kaina wacce ake nufi a nan. A littafi mai shafi 24 wannan bai fi minti ashirin ba. Amma ina roƙonku, kada ku taɓa danna `Replace All`. Na taɓa ganin wanda ya ce wa kwamfuta ta mayar masa da duk dan zuwa ɗan. Ta yi masa biyayya. Duk wani idan da ke littafin ya koma iɗan, Sudan ta koma Suɗan, Ibadan ma ba ta tsira ba. Ya shiga neman kuskure goma, ya fito da ɗari.

A wannan zagayen ne kuma nake duba 'y, ta 'ya'ya da 'yan'uwa da 'yanci. Mu a Nijeriya da 'yar alama a gaban y muke rubuta ta, a Nijar kuma lanƙwasa suke yi mata, ƴ. Kowanne daidai ne a wurinsa, amma kada su haɗu a littafi ɗaya. In an kwaso wani sashe daga saƙon waya, wani daga takardar shugaban makaranta, sai ka tarar da iri biyu ko uku a shafi guda.

Zagaye na biyu shi ne na ƙananan kalmomi, da inda ake haɗa su da inda ake raba su. A nan nake sa rula. In ɗora ta ƙarƙashin layin da nake karantawa, ta rufe duk na ƙasa, in riƙa taɓa kowace kalma da bakin biro. Taɓawar nan ce ke hana ido tsallen da muka ce. Abin da nake nema sananne ne. Ka ji, in aka manne shi, ya zama kaji, na akurki. Ya yi ya zama yayi. Ku sa ya zama kusa. Na sa da nasa ba ɗaya ba ne, haka a kan tebur da akan yi. Jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, in ka manne ta da fi, ka kori gaskiya ke nan, ka ce mata tafi. Sai kuma kalmar da aka maimaita, da da, ko na na, musamman in ta farko tana ƙarshen layi, ta biyu tana farkon na gaba. Ido ba ya ganin wannan ko kaɗan, domin daidai lokacin yana tsallen komowa farkon layi.

Mafi tsada a wannan zagaye ita ce ba ta korewa. Hausa kan sa ta biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, wani lokaci da kalma goma a tsakani. A littafin da muke magana a kai akwai sanarwa: ba za a raba takardun shaida a ranar biki ba. In ta farko ta faɗi, sai iyaye su karanta za a raba takardun shaida a ranar biki, ita kuwa ba ta ƙarshe ta tsaya ita kaɗai ba mai kula ta. Ranar biki sai a yi cincirindo a ofishin shugaban makaranta. Don haka duk inda na ga ba, ko bai, nakan kewaye ta da jan biro in nemo abokiyarta. Ba mu kaɗai wannan ya taɓa ci ba. A 1631 masu ɗab'in sarkin Ingila, Robert Barker da Martin Lucas, sun buga Littafi Mai Tsarki a Landan, kalmar korewa mai harafi uku ta faɗi daga dokar da ta hana zina, hani ya koma umarni. An ci su tarar fam 300, aka ƙwace musu izinin ɗab'i.

Yanzu sai sunaye da lambobi, kuma a nan karatu ba ya aiki sam. Suna ba a gane daidansa da hankali, sai an gwada shi da asali. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu suna da abin da suke kira muƙabala: mutum ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya riƙe kwafi, wannan na karantawa wancan na bi. Haka nake yi. Ina riƙe da kwafin gwaji, malamin aji na riƙe da rajista, yana kiran suna yana faɗin haruffansa. Ku lura, wanda ke riƙe da asali shi ke karantawa da ƙarfi. In aka juya, in ni na karanta daga kwafin gwaji, shi kuma yana bi a rajista, kunnensa zai yarda da duk abin da ya yi kama.

Kafin ma a fara kira, a ƙirga. Rajista ta ce 83, to shafi ya ba da 83. Da na yi wannan ƙidaya ta minti biyu a wancan karo, da uwar nan ba ta koma gida da ɓacin rai ba. Da na bi sawu, na ga yadda abin ya faru. 'Yan mata biyu ne a jere masu suna ɗaya, sunan uba kawai ya bambanta. Mai bugawa ya buga ta farko, ya ɗaga kai ya dubi kwamfuta, ya mayar da ido takarda, idonsa ya dira a kan ta biyu, ya zaci ita ce wadda ya gama, ya wuce. Masu kwafar littattafai sun san wannan cuta tun da daɗewa, ido ya yi tsalle daga kalma zuwa mai kama da ita, abin da ke tsakani ya salwanta. Ba ta barin tabo a shafi. Jerin zai fito tsaf, ba abin da zai nuna an yi rashi.

Jos kuma tana da nata ƙarin. A aji ɗaya za ka sami ɗan Birom da ɗan Ngas da ɗan Tarok da Bahaushe da Bafillace da Bayarabe da Ibo. Hannun da ya saba da Hausa yakan so ya daidaita suna ya zama yadda bakinsa ke faɗa. Gyang ya rasa g ta ƙarshe, Davou ya zama Dabo, sarautar Gbong Gwom Jos ta fito da n a madadin m. Ko a namu sunayen ma, wani Muhammad yake rubutawa, wani Muhammadu, wani Mohammed, kuma abin da ke takardar haihuwarsa shi ne daidai a wurinsa, ko da ya saɓa wa abin da ka koya a aji. Haka sunayen wurare. Mai nahawu zai ce gada mace ce, don haka Farar Gada ya kamata a ce. To, ya je tasha ya ce a kai shi Farar Gada mu gani. Sunan wurin Farin Gada, haka mutanen gari suka sa masa, haka za a rubuta. A jerina akwai layi guda da na rubuta da manyan haruffa don kaina: suna ba a yi masa gyaran nahawu.

Lambobi kuma kowace da abin da ake gwada ta da shi. Lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ce, lambar asusun banki 10. A fara da ƙirga su. Sa'an nan lambar waya a kira ta, daga abin da ke kan kwafin gwaji, ba daga wadda ke ajiye a wayarka ba. Lambar asusu a shigar da ita kamar za a tura kuɗi, a ga sunan da zai fito, a fasa. Kwanan wata a ɗauko kalanda: in an rubuta Asabar 14 ga wata, a duba ko 14 ɗin Asabar ce. Sau da yawa littafin bara aka ɗauko aka sauya shekara, aka bar ranar. In an haɗa da kwanan watan Musulunci, a tuna ganin wata na iya matsar da shi da kwana ɗaya. In kuma an rubuta daren Juma'a, a tambayi mai taron me yake nufi, domin a lissafin da muka gada daren Juma'a shi ne wanda ke biyo bayan yinin Alhamis, amma da yawa daga masu karanta katin a garin nan ranar Juma'a da dare za su zo.

Kanu, da bango, da rubutun ƙarƙashin hoto, da lambar shafi, waɗannan zagayensu dabam, kuma shi ne mafi gajarta. Mutum zai yi zaton babban harafi ya fi sauƙin dubawa, amma ido kallon hoto yake yi masa, ba ya karanta shi. Ni harafi-harafi nake kiran kanu da baki, kamar ɗan aji ɗaya. Sai in gwada abin da ke ciki da shafukan: in an ce jawabin shugaba na shafi na 7, in buɗe shafi na 7.

Akwai dabarun da ake yawan ba mutane shawara, bari in faɗi inda kowace ta tsaya. Ana cewa ka karanta daga ƙarshe zuwa farko, kalma-kalma. Wannan na kama harafin da ya juya, kamar makaranta ta zama makarnata, domin ya raba ka da ma'ana, ya bar ka da siffar kalma. Amma ba zai taɓa kama kasa a wurin ƙasa ba, ba zai kama ba da ta faɗi ba, tunda waɗannan sai da ma'ana ake gane su. Abin da ya fi yi mini aiki a Hausa shi ne komawa baya jimla-jimla: in karanta jimlar ƙarshe cikakkiya, in hau ta samanta, haka har farko. Labarin ya yanke, ba ya jana da gudu, amma kowace jimla tana nan da ma'anarta.

Ana kuma cewa ka karanta da ƙarfi. Mu ma'aikatan rediyo mun san amfanin wannan, domin kunne na kama jimlar da ta yi tuntuɓe, da namijin da ya koma mace a tsakiyar magana. Sai dai baki ma maƙaryaci ne. Za ka ga kasa a takarda, bakinka ya ce ƙasa, don ya san abin da ake nufi. Maganinsa ka sa kanka faɗin abin da ke rubuce, komai muninsa. In ba lanƙwasa, faɗe shi ba lanƙwasa. In an manne, faɗe shi a manne. Ko ka ba yaro ɗan firamare wanda bai san zancen ba ya karanta maka. Shi ba ya rufa wa takarda asiri, abin da ya gani zai faɗa.

Barin rubutu ya kwana kafin a duba shi na da kyau, amma mu faɗi gaskiya, yawancin aikinmu ana kawo shi ne yau, biki jibi. In ba halin kwana, sauya masa kama: ƙara girman harafi, sauya salonsa, fitar da shi a takarda, tashi daga inda ka rubuta shi ka koma wani wuri. Kuma kada zama ɗaya ya wuce kamar rabin awa. Ni na lura da kaina, in na yi shafi uku a jere ban sa jan biro ko sau ɗaya ba, ba shafukan ne suka gyaru ba, ni ne na fara gyangyaɗi da ido buɗe.

Saura tambayar da kowa ke yi: yaushe zan san ya isa? Akwai wani ɗan lissafi da masanin lissafi George Pólya ya wallafa a 1976, kuma ba shi da wuya. Ka ba mutum biyu kwafi ɗaya-ɗaya, kowa ya duba shi kaɗai, kada su yi shawara. A ce na farko ya kama kuskure 20, na biyu ya kama 15, kuma 12 daga ciki duk su biyun sun gani. Sai ka ninka 20 sau 15, ya ba ka 300, ka raba da 12, ya ba ka 25. Wato ana kyautata zaton kurakuran da ke littafin sun kai 25. Su biyun a haɗe 23 suka kama, domin 20 da 15 sun yi 35, a cire 12 da aka ƙirga sau biyu. Ke nan akwai kamar biyu da ke kwance. Hikimar a fili take: in mutum biyu sun kama kusan abu ɗaya, saura kaɗan ne. In kuwa kowa nasa dabam ya kamo, wannan 10 wancan 10, biyu kacal suka haɗu a kai, lissafin zai ba ka 50, su kuwa 18 suka gani, to littafin bai kusa zuwa maɗaba'a ba. Sai dai a riƙe cewa lissafin yakan rage adadi. In masu dubawar duka biyu ba su damu da lanƙwasa ba, duk za su wuce baki a wurin baƙi, lissafi kuma ba zai san da shi ba. Shi ya sa nakan zaɓi mutum biyu da idonsu ya bambanta, ɗaya malamin Hausa, ɗaya wanda ya san mutanen da sunayensu ke ciki.

Layin ƙarshe a jerina shi ne wanda aka fi mantawa: gyaran gyara. Ka mayar wa mai tsara shafi da kwafi mai jan biro 23, ya gyara, ya ce an gama. Kada ka yarda da baki. Karɓi sabon kwafi, ajiye shi gefen tsohon, bi jan biron ɗaya bayan ɗaya kana sa alama, har su cika 23. Kowane wuri kuma karanta layin da ke samansa da na ƙasansa, domin hannun da ya shiga gyara harafi ɗaya yakan share na kusa da shi, kuma ƙarin kalma guda na iya tura layin ƙarshe na shafi ya faɗa bayan hoto. Sunan yarinyar da aka mayar cikin jeri zai iya ture na ƙarshe ya fita daga shafin, saboda haka a sake ƙirgawa, 83. In komai ya cika, sai ka sa hannu da kwanan wata a kan wannan kwafin, ka ce shi za a ɗora a farantin bugu. Bayan an yi faranti, gyaran harafi ɗaya kuɗin sabon faranti ne, kuma faranti ɗaya shafuka da yawa yake ɗauke da su.

Da shekara ta zagayo makarantar nan ta sake kawo mini littafinta, abin da ya ba ni mamaki. Na bi jerin nan layi-layi, ya ci mini yini guda da rabi. Sunaye suka cika, baƙi suka fito da lanƙwasarsu. Bayan biki da kwana biyu ina jujjuya kwafina a gida, sai na duba can ƙasan bangon baya, inda aka sa taken makaranta da ƙananan haruffa a kewayen tambarinta. Tambarin hoto ne da suka shekara goma suna amfani da shi, ba wanda ya taɓa karanta shi, har da ni. Ilimi aka so a rubuta, an rubuta Ilmii. Na ɗauko ɗan littafina na ƙara layi: rubutun cikin tambari da hatimi.